Kafin Dara Ta Yi Zafi

Akwai wata darbejiya a unguwarmu da ba ta rabo da 'yan dara daga la'asar zuwa magariba. Wata rana na tsaya kallo, wani dattijo ya share rairayi da tafin hannu, ya tona gurabe talatin, layi biyar kowanne da gurbi shida. Shi ya riƙe tsinke goma sha biyu, abokin karawarsa kuma tsakuwa goma sha biyu. Suka shiga dasawa, wannan ya sa ɗaya, wancan ya sa ɗaya, babu mai cin wani, babu mai ɗaga murya. Jikan dattijon, ɗan sakandare da ya kawo masa buta, ya tsuguna a gefe har ƙafarsa ta yi sanyi. Can ya ce, "Baba, wai yaushe za ku fara wasan ne?" Tsohon bai ko ɗago kai ba ya ce, "Yaro, ai mun kusa gamawa."

Na daɗe ina juya wannan amsa, domin duk su biyun gaskiya suka faɗa. A idon yaron ba a yi komai ba tukuna. A idon tsohon kuwa an riga an yi rabin shari'ar, saura zartarwa. Wannan saɓani shi ne ke korar yara da sababbin shiga daga dara, kuma ina ganin ya kamata mu dube shi da idon basira, maimakon mu ce kawai yaran yanzu ba su da haƙuri.

Abin da na fahimta shi ne, nawar farkon wasa iri biyu ce, kuma maganinsu ya bambanta. Akwai lokacin da ɗan wasa ke zaune ba shi da wani zaɓi, jira kawai yake yi. Akwai kuma lokacin da yake da zaɓi mai nauyi, amma sakamakonsa ba zai bayyana ba sai can gaba. Na farko ɓata lokaci ne, ana iya yanke shi a yar ba tare da asara ba. Na biyu kuwa shi ne ƙashin bayan wasan, wanda ya sa masa wuƙa da ganganci ya kashe wasan gaba ɗaya. Lido ne ya fi nuna iri na farko, dara kuma iri na biyu.

Jiran shida

Lido, wanda aka yi wa rajista a Ingila a 1896 bayan an samo shi daga wasan pachisi na Indiya, yana farawa ne da kowa a kulle a gida. Ba a fita sai da shida. Idan da dayis ɗaya ake yi, damar samun shida a kowace jifa ɗaya ce cikin shida, wato a matsakaici sai ka jefa sau shida kafin ka fita. Matsakaicin ba shi ne abin damuwa ba. Abin damuwa shi ne mai rashin sa'a. Mutum ɗaya cikin uku zai yi jifa shida cif bai ga shida ba, kuma kusan kashi 16 cikin 100 za su kai jifa goma suna nan a ɗaki. A wasan mutum huɗu, wannan bawan Allah ya kalli jifar wasu aƙalla sau talatin, shi bai taɓa ɗansa ko ɗaya ba. Da dayis biyu, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa a Najeriya, abin ya ɗan yi sauƙi: damar ta zama 11 cikin 36, fita a jifa ta uku ko ta huɗu ke nan a matsakaici. Amma ko a nan, kusan mutum ɗaya cikin shida zai yi zagaye biyar yana jira.

A duk wannan jiran babu dabara ko ta anini. Gwani da ɗan koyo abu ɗaya suke yi, su kaɗa gwangwani su kifa. Saboda haka duk abin da aka rage a nan riba ce. Jamusawa suna da ɗan'uwan lido da Josef Friedrich Schmidt ya ƙirƙira a birnin Munich, ya shiga kasuwa a 1914, kuma a cikinsa an saba ba wanda duk 'ya'yansa ke gida jifa uku a jere. Wannan kaɗai ya ɗaga damar fita daga kashi 17 zuwa kashi 42 cikin 100 a kowane zagaye.

Wasu kuma sukan ce kowa ya fara da ɗa ɗaya a waje. Wannan yana kawo motsi, amma bai kawo zaɓi ba, domin mai ɗa ɗaya a hanya duk abin da dayis ya ce shi zai yi. Dabarar lido tana farawa ne daga lokacin da kake da 'ya'ya biyu a waje, kana auna wanne za ka gudu da shi, wanne za ka bari ya yi kwanton ɓauna. Ni dai da za a bi ta tawa, biyu a waje biyu a gida za a fara. Tun jifar farko akwai abin tunani, kuma tsohuwar tambayar nan ta in shida ta zo, a fito da sabo ko a tsere da wanda ake kora, tana nan daram. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ɗaya ma tana fitarwa kamar shida. Wannan doka ba farkon wasa kaɗai take taɓawa ba. Tana bin wasan har ƙarshe, ta rage zafin mayar da ɗa gida, tunda dawowarsa ta zama mai arha. In cin ɗan wani bai cika yi masa ciwo ba, farautar ta rage daɗi.

Darasin dakaren da ya tsallake

Kafin mu koma gindin darbejiya, akwai wani tsohon wasa da ya sha fama da wannan matsala shekaru aru-aru, kuma yadda ya warware ta shi ne mafi kyawun darasi da na sani. Shaɗaranji, kakan wasan ces na yau, wanda Barebari ma suke da nasu irin mai suna tsatsarandi, wasa ne mai nauyin jiki. Dakare taki ɗaya yake yi. Wazirin da ya zama sarauniya daga baya gida ɗaya kawai yake matsawa, a karkace. Tsakanin rundunonin biyu akwai layi huɗu babu kowa, sai a daɗe ana jan ƙafa kafin a yi arangama. Gwanayen Bagadaza irin su al-Adli a ƙarni na 9 da as-Suli a ƙarni na 10 sun rubuta tsare-tsaren jera runduna da ake kira ta'abiyya, kowanne da sunansa, ɗan wasa ya san siffar da yake son kaiwa, ya nufe ta kai tsaye. Habashawa kuwa a nasu wasan, senterej, sai suka ce a farko babu jiran juna. Kowa ya yi ta matsar da 'ya'yansa da saurin da ya ga dama, har sai an yi cin farko, sannan a koma bi da bi.

A Turai wata hanya aka bi, aka ba dakare damar yin taki biyu a motsinsa na farko. A tsohuwar doka, kafin dakaru biyu su kai ga iya cin juna sai an yi motsi huɗu: e3, d6, e4, d5. A sabuwa biyu sun isa: e4, d5. An raba tafiyar biyu.

Sai dai wannan sauri ya zo da ɓarna. A ce farin dakare ya sha wahala ya kai e5, baƙin dakare kuma yana d7. A da, in baƙin zai fito dole ya taka d6, inda farin zai iya cinye shi. Da taki biyu sai ya yi tsalle zuwa d5, ya wuce ta gefensa lafiya lau. Ladan wahalar farin ya tafi a banza. Don haka aka ƙara wata doka: farin yana da damar cin wanda ya tsallake kamar dai a d6 ya tsaya, amma a motsin da ya biyo baya nan take kaɗai. Italiyawa sun daɗe ba su karɓi wannan doka ba, sai a 1880.

Abin lura a nan shi ne, duk lokacin da ka haɗe motsi biyu suka zama ɗaya, akwai wani ɗan tsakani da ka share, kuma a wannan tsakanin ne abokin karawa yake da damar mayar da martani. In kana son sauri ba tare da asarar dabara ba, sai ka nemo abin da yake iya yi a wurin, ka mayar masa da shi ta wata ƙofa. Da wannan ma'auni za mu auna dara.

Dashe ashirin da huɗu

Dokokin dara sukan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, amma a yadda aka fi yinta, kowa yana dasa 'ya'yansa goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, kuma an hana jera uku a layi lokacin dashe. Sai an gama, gurbi shida kacal suka rage, sannan a fara tafiya, taki ɗaya gaba, baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa ɗaya. Ke nan sau 24 ake miƙa hannu kafin a iya cin kowa. In kowane dashe ya ɗauki daƙiƙa ashirin, minti takwas ke nan mai kallo bai ga an ci ko ɗa ɗaya ba.

Amma waɗannan 24 ba nauyinsu ɗaya ba. Ɗauki dashen farko. Ido yana ganin gurabe talatin, sai mutum ya tsaya yana nazari. Alhali in ka juya filin dama zuwa hagu, ko sama zuwa ƙasa, siffarsa ba ta canzawa, don haka gurabe tara ne kawai suka bambanta da juna, sauran duk tagwayensu ne. Cikin taran ma, duk wanda ya ɗan goge ya san tsakiya ta fi kusurwa, domin gurbin tsakiya maƙwabta huɗu gare shi, na kusurwa biyu. Dogon tunani a nan bai sayen komai. Can wajen ƙarshe kuwa, lokacin da gurabe goma ko takwas suka rage, kowane dashe yana yanke hukuncin wane rami ne zai zauna a buɗe, wa zai fara ci, ɗan wa zai maƙale ba hanya. A nan ne tsohon nan yake cewa an kusa gamawa. Saboda haka in za a rage, daga kai za a rage, a bar wutsiya yadda take.

Hanya mafi sauƙi da ke zuwa wa mutum a rai ita ce a rage 'ya'ya, kowa ya riƙe goma. Dashe ya koma 20, amma guraben banza sun tashi daga shida zuwa goma. Dara wasan matsi ce, daɗinta yana cikin ƙarancin wurin motsi, yadda tsinke ɗaya zai tare hanya ya hana uku sakat. Ka ba ta fili sai ta zama tsere. Wannan wani wasa ne daban, ba dara aka gajarta ba.

Hanya ta biyu ita ce a riƙa dasa biyu-biyu. Ba baƙon abu ba ne, haka ake yi a wasan siga na Masar, inda kowa yake da 'ya'ya goma sha biyu shi ma. Don kada mai farawa ya yi rinjaye, sai ya fara da ɗaya, daga nan kowa biyu. Ga tsarin da nake ganin ya dace: mai tsinke ya sa 1, mai tsakuwa 2, tsinke 2, tsakuwa 2, tsinke 2, tsakuwa 2, tsinke 2, tsakuwa 1. A zagaye takwas kowa ya dasa bakwai. Sauran biyar-biyar ɗin a koma ɗaya-ɗaya yadda aka gada, mai tsinke ne kuma zai ci gaba, kamar dai ba a taɓa komai ba. Jimla 18 maimakon 24.

To, ina ɗan tsakanin da aka share? A nan sai mun yi maganar doki. Doki shi ne burin kowane ɗan dara: ka samu 'ya'ya biyu a wani layi, biyu a layin da ke manne da shi, su huɗun sun yi murabba'i, sannan na biyar yana kai da komo tsakanin gurabe biyun da ke gefensu. Ya hau sama ya cika uku ya ci, ya sauko ƙasa ya cika uku ya ci. Wanda aka hau masa doki sai dai ya zuba ido ana tsince masa 'ya'ya.

A dashen ɗaya-ɗaya, kafa murabba'in nan da wuya. Mai tsinke ya sa biyu a manne, ya sa na uku a ƙarƙashin ɗaya daga ciki, siffar ta zama kamar gwiwar hannu. Mai tsakuwa yana gani, sai ya jefa tsakuwa ɗaya a kusurwa ta huɗu, magana ta ƙare. Da tsakuwa ɗaya ya biya. A dashen biyu-biyu kuwa, mai tsinke yana iya tashi daga biyu ya dira a huɗu a hannu ɗaya, gwiwar ba ta taɓa bayyana ba. Murabba'in da ke tsakiyar fili kuma ɓangare huɗu gare shi, gabas, yamma, kudu da arewa, kowanne zai iya zama turken doki. Mai tsinke ba zai cike waɗannan gurabe da kansa ba, tunda doka ta hana shi jera uku. Ya rage wa mai tsakuwa ya toshe, kuma sai ya kashe aƙalla tsakuwa huɗu kafin ya rufe ɓangarorin duka, yana bin bayan wani maimakon gina nasa. Abin da ake biya da ɗaya ya koma huɗu. Dakaren nan ne ya sake tsallakewa.

Gyaran ƙarami ne. A ce 'ya'ya biyun da mutum zai dasa a hannu ɗaya kada su taɓa juna, ko ta gefe ko ta kusurwa. Dole a haɗa da kusurwa, domin wanda yake da biyu a karkace zai iya cike sauran kusurwoyi biyun, su ma a karkace suke, ya samu murabba'insa. Amma duk gurabe biyu da ke cikin murabba'i ɗaya suna taɓa juna ta ɗayan hanyoyin nan biyu, don haka da wannan doka ba mai iya ƙara fiye da ɗa ɗaya a murabba'i guda a zagaye guda. Gwiwar hannu za ta bayyana, mai tsakuwa zai gan ta, ya samu damarsa ta toshewa. Dokar tana da wani amfanin kuma: tana tilasta wa mutum ya buɗe fage biyu a wurare daban-daban, abin da gwanaye ke yi dama, 'yan koyo kuwa su cunkushe a lungu ɗaya.

Akwai hanya ta uku, ita ce ta fi kwanta mini a rai, domin daga gida muka san ta. A wajen watanda, wanda ya kasa nama ba shi ke fara ɗauka ba, shi ya sa yake kasawa da adalci. A yi wa dara haka. Mutum ɗaya ya dasa tsinke huɗu da tsakuwa huɗu duk da hannunsa, inda ya ga dama, ban da jera uku. Ɗayan ya duba, ya zaɓi ɓangaren da yake so, da sanin cewa mai tsinke ne zai dasa na gaba. Daga nan saura dashe 16, ɗaya-ɗaya. In mai kasawa ya fifita wani ɓangare, an ɗauke ya bar shi da ƙashi. In ya daidaita, an fara wasa daga inda ya riga ya ɗau zafi. Tunanin da aka warwatsa a zagaye takwas ya taru a tambaya guda mai nauyi: wanne ya fi? Kuma kowane wasa da sabuwar fuska yake zuwa, ba kamar a tsayar da tsari ɗaya kullum ba, wanda in an jima za a haddace shi.

Iyakar wannan hanya ita ce tana son mutum biyu da ƙarfinsu ya yi kusa. Gwani zai iya kasa wa yaro abin da ke kama da daidai alhali akwai rami a ciki. In tsoho da jikansa ne, tsohon ya kasa, ya kuma bar yaron ya tambaye shi dalilin kowane tsinke kafin ya zaɓa. A nan ne yaron zai fara ganin abin da ke ɓoye a cikin dashen da yake ɗauka jira ne.

Yaya majalisa za ta gane ko gyaran ya yi? Ba da wasa ɗaya ba. A samu mutum biyu da aka san waye gaba a cikinsu, su buga kamar wasa ashirin da sabuwar doka, suna musayar farawa, wani yana ja musu layi a ƙasa. Abu uku za a duba. In mai farawa ne ke ci kusan kullum ko waye shi, dokar ta karkata. In wanda aka san ya fi gwaninta ya daina rinjaye, an zubar da dabara tare da jiran. In kuma doki ya yawaita, ana kafa shi tun kafin a yi tafiya biyar, to akwai wani tsakani da aka share ba a mayar ba, sai a koma a nemo shi. Akwai alama ta huɗu da ba a ƙirgawa, kunne ke jin ta: a wane dashe ne 'yan kallo suke fara gyara zama, wani ya yi gyaran murya, wani ya ce "kai, toshe can!" A darar gado wannan yakan zo ne bayan an yi nisa. In ya matso kusa da farko, kuma gwani yana nan a gwaninsa, an dace.

Na kai wa dattijon nan maganar kashin watanda bayan 'yan kwanaki. Ya saurara har na gama, ya ce, "Malam, darar iyayenmu ba ta da ciwon da za a yi mata magani." Na ce haka ne, Baba, ba don ku ba ne, don masu tsugunawa a gefe ne. Ya yi shiru, sannan ya share rairayin, ya tona gurabensa, ya dasa tsinke huɗu da tsakuwa huɗu, ya kira jikan nasa ya ce ya zaɓa. Yaron ya daɗe yana kallo, ya nuna wani gurbi da ke tsakanin tsinke biyu ya ce, "Baba, in na ɗauki tsinke, nan ba zan iya sawa ba ko?" Tsohon ya ce ba zai iya ba. Yaron ya sake dubawa, ya miƙa hannu ya kwashi tsakuwa.